Makullin rumbu ba ɗaya yake da na zaure ba

A ɗauki wata makaranta mai zaman kanta a Tawa, wadda ke da shafin duba makin ɗalibai. Iyaye 600 na shiga da lambar waya da kalmar sirri. Mutum uku kuwa, darakta da sakatare da mai kula da na'urori, suna da matsayin `admin`: su ke gyara maki, su ke sauya wa kowa kalmar sirri, su ke iya kwashe lambobin iyaye duka. A ganina waɗannan ukun kaɗai ya kamata a tsaurara wa shiga, a bar iyaye da hanyarsu mai sauƙi.

In an sace kalmar sirrin uba guda, makin ɗansa kawai ɓarawo zai gani. In ta sakatare aka sace, makarantar ce gaba ɗaya a hannunsa. Haka ta faru da Twitter a Yulin 2020, lokacin da aka yaudari ma'aikata ta waya, aka shiga kayan aikinsu na ciki, aka taɓa asusu 130, har da na Barack Obama. Su kuma iyaye, da yawansu ƙaramar waya gare su, wani ma ta ɗansa yake ara. Ka ɗora musu mataki na biyu bayan kalmar sirri, sai su bar shafin su dawo yin layi a ofis.

To wane mataki za a ƙara wa ukun? Ba na son lambar da ke zuwa ta saƙon waya. Rezo na ɗaukewa, kuma mayaudari na iya sa a mayar da layinka hannunsa. Gara manhaja irin su FreeOTP ko Google Authenticator. Sau ɗaya ake ɗaukar hoton alamar QR, daga nan wayar ta riƙa fitar da lamba mai alƙaluma shida da ke sauyawa kowane daƙiƙa 30, ko babu intanet. Da agogo take lissafi, don haka in ka rubuta lamba daidai aka ƙi karɓa, fara duba agogon wayarka. Ita ma tana da nata rauni: shafin bogi na iya karɓar lambar ya yi amfani da ita nan take, abin da makullin FIDO2, wata ƴar na'urar tsaro da ake haɗawa da kwamfuta ko waya, ke toshewa.

Inda aka fi yin sake shi ne a ɗaura sharaɗin a kan sunan mutum maimakon muƙaminsa. Ranar da aka ɗaga wani malami ya zama `admin`, tilas shafin ya hana shi komai sai ya haɗa wayarsa. Kada kuma ukun su riƙa amfani da asusu guda.

Na san abin da darakta zai ce: "Malam, in wayata ta ɓace fa?" Tambaya ce mai kyau. Ranar haɗa wayar ake buga lambobin ko-ta-kwana da ake shiga da su in babu waya, kowace sau ɗaya take aiki. A sa takardar a ambulan, a kulle ta a durowar da ake ajiye hatimin makaranta.