Da'ira ba ta dace da kowane kasafi ba

"Tunda kasafin gida rabon abu ɗaya ne, ai zanen da'ira mai yanka-yanka shi ya fi, ko ba haka ba?"

Ba kullum ba. Ɗauki gidan da abinci ke cin kashi 40 cikin 100, haya 25, makaranta 13, sufuri 12, magani 10. A da'ira, nan take za ka ga abinci ya kusa lashe rabi. To amma ka rufe lambobin, ka ce wanne ya fi tsakanin makaranta da sufuri. Kashi 1 digiri 3.6 ne kacal a da'ira, ga yankan kowanne ya fuskanci wani gefe daban, sai ido ya rasa abin kamawa. A zanen sanduna kuwa duk daga layi ɗaya suke tashi, wadda ta ɗara ko da kaɗan ne za ta leƙo, musamman in an jera su daga babba zuwa ƙarama. Sharaɗin dai ma'aunin ya fara daga sifili, in ba haka ba ƙaramin bambanci sai ya kumbura.

Ni da'ira nake ɗauka in rukunan ba su wuce huɗu ba, kuma jimlarsu ta cika 100 cif. In an manta da kuɗin ajiya, kowane yanki zai fito ya fi girmansa na gaskiya.