Kafin ka rubuta wa mai yi maka hidima saƙon godiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa, a makon jiya ne direban gidanmu ya cika shekara 60 da haihuwa, 18 daga cikinsu yana tare da mu, sai na zauna zan rubuta masa saƙon godiya. Malamai sun yi saɓani a kan bikin zagayowar ranar haihuwa, kuma mu ba biki muka yi ba. Ranar dai ta tuna mini da bashin godiya da ya daɗe a wuyana, alhali Annabi (SAW) ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba.

Abin da na fara rubutawa shi ne, "Allah ya ƙara shekaru masu albarka, mun gode da hidima." Da na sake karantawa sai kunya ta kama ni, domin wannan magana ana iya tura wa kowane direba a duniya ba tare da an canza harafi ɗaya ba. Wannan ita ce alamar godiyar da ba ta fito daga zuci ba, kuma mutumin da ya shekara 18 yana jin yadda kake magana a cikin mota zai gane ta nan take.

Sai na ajiye wayar na tambayi kaina ko akwai haƙƙinsa a kaina. Albashinsa bai taɓa makara ba, amma na tuna dararen da ya jira mu har bayan ƙarfe goma sha ɗaya ba a ƙara masa komai ba, na kuma tuna ranar da na ɗaga masa murya a gaban yarana saboda cunkoson hanya da ba shi ya jawo ba. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10, ya ce bai taɓa yi masa ko tsaki ba, bai kuma taɓa ce masa don me ka yi kaza ko don me ka bar kaza ba. Ni kuwa na yi abin da ya fi tsaki, saboda haka na lissafa kuɗin waɗannan darare gwargwadon abin da na iya tunawa, na ware su daban da kyauta, domin idan aka cakuɗa haƙƙin mutum da kyauta, an sa shi ya yi godiya a kan abin da dama nasa ne.

Bayan haka ne na rubuta masa cewa: "Baba, yau kun cika shekara 60, Allah ya ƙara muku lafiya da imani. Ban manta da daren da kuka kai mahaifiyarmu asibiti ba, kuka kwana a mota har gari ya waye ba tare da an ce ku tsaya ba. Ku kuka kai babbar 'yata makaranta tun ranar farko har ta gama, kuma maganar da aka yi a gabanku ba mu taɓa jin ta a waje ba. Na ɓata muku rai ranar da na yi muku tsawa a gaban yara, ina roƙon ku yafe mini. Jazakumullahu khairan. Allah ya yawaita dukiyarku da zuriyarku, ya sa albarka a abin da ya ba ku."

Addu'ar ƙarshen nan ba tawa ba ce, ita ce wadda Annabi (SAW) ya yi wa Anas lokacin da mahaifiyarsa Ummu Sulaim ta roƙa masa addu'a. Ya kuma zo a hadisin Usama ɗan Zaid cewa wanda aka yi wa alheri ya ce wa mai alherin jazakallahu khairan, to ya kai matuƙa wajen yabo.

Ina ganin masu ɗora hoton mai aikin gidansu da dogon yabo don jama'a su gani, alhali ita ba a tambaye ta ba, wataƙila ma ba za ta taɓa karanta rubutun ba. Abin yana ba ni tsoro, domin yabon yana komawa kan uwar gida ne, kuma ƙofar riya a buɗe take. Shi ya sa ban sa sunansa ko hotonsa a nan ba, kuma sai da na nemi izininsa kafin na kawo saƙon.

Da yake karatu a waya yana ba shi wahala, na kira yaran da aka yi tsawar a gabansu, na karanta masa da bakina suna ji. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce ya yafe tun a ranar, amma bai zaci ina tune da daren asibitin nan ba.