Suna ɗaya ma cikakken suna ne

"Wai mai suna ɗaya ɓoye asalinsa yake yi?"

A'a. A tsibirin Jaba na Indonesiya al'ada ce daɗaɗɗiya, har tsofaffin shugabannin ƙasar Sukarno da Suharto suna ɗai-ɗai gare su. Ba kowace al'umma ke gadon sunan dangi ba.

Wahalar tana wajen cike fom a kwamfuta, inda gurbin sunan dangi ba ya barin a wuce shi fayau. A bizar Amurka, sai a tura sunan mutum can, a rubuta FNU a gurbin sunan farko, wato taƙaicen "ba a san sunan farko ba" a Turance. Wani kamfanin jirgi kuma ya ce a maimaita sunan sau biyu. Ka ga fasfo, biza da tikiti sun saɓa, ma'aikacin filin jirgi ya tsare mutum da tambayoyi. Kafin ka biya kuɗin tikiti, tambayi kamfanin ƙa'idarsa.