Saƙon da na wanke na manta kansa

Ranar Laraba cunkoson Nyanya ya riƙe ni awa biyu, na isa ofis a Garki rai a ɓace, na tarar takardar biyan 'yan kwangila tana nan kan teburin Oga ba sa hannu, kuma an rubuta naira 840,000 inda ya kamata a ga 480,000. Na buɗe imel na zuba abin da ke raina:

"Ka yi kuskure a layi na uku. Kamar yadda na faɗa maka tun makon jiya, 480,000 ne. Gyara ka sa hannu kafin sha biyun ranar Alhamis, in ba haka ba biyan zai wuce zuwa wata mai zuwa."

Ko sallama babu. Allah ya taimake ni, Dogo ya leƙo ta kafaɗata kafin in tura. Kun dai san Dogo, mutumin da bai taɓa sayen ƙosai da kuɗinsa ba, amma ya san adadin wanda ke cikin ledar kowa. Har yau dubu biyuna na ranar sunan ɗansa na wurinsa, in na tada maganar sai ya hau tambayar lafiyar mahaifiyata. Ya karanta saƙon da ƙarfi, da muryar soja, ya ce, "Malam, wannan ai ko ɗan aikenka ka rubuta wa sai ya kai ƙararka."

Na ce to ya gyara. Ya ja kujerata ya zauna, ya cika rabin shafi da gaisuwa: ya iyali, ya hidima da jama'a, Allah ya ƙara girma. Can ƙasa ya rubuta, "Akwai ɗan abin da za a duba a takardar nan duk lokacin da aka samu sarari." Shi ke nan. Lambar ta ɓace, Alhamis ta ɓace, zancen wata mai zuwa ya ɓace. Da Oga ya karanta wannan, amin zai ce ya rufe.

Na ƙwace kujerata. Na rubuta abu uku a bayan ambulan, waɗanda ko me za a yi sai sun fito: lambar, ranar da lokacin, da abin da zai faru in an makara. Sauran duk miya ce. "Ka yi kuskure" na ɗauke yatsa daga kan mutum na mayar kan takarda, ya zama "an samu saɓani a layi na uku". Ban ce babu kuskure ba, wanda ya yi shi ne kawai ban nuna ba. "Kamar yadda na faɗa maka" ita ce mafi dafi, domin ma'anarta ba ka ji magana, sai na mai da ita "a kan maganar da muka fara makon jiya". "Gyara ka sa hannu" kuwa umarni ne tsirara, na sa masa riga. Ga yadda ya fito:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. A kan maganar da muka fara makon jiya, an samu saɓani a layi na uku: takardar ta nuna 840,000, rasit ɗin kuma 480,000 ne. Ina roƙon a duba a sa hannu kafin sha biyun ranar Alhamis, domin in ya wuce haka biyan zai koma wata mai zuwa. Na gode."

Na karanta sau uku ina jin kaina kamar jakada. Na danna Send. A daidai lokacin idona ya hau sama, wurin Subject, inda ban taɓa ba tun ina cikin fushin Nyanya. Da manyan baƙaƙe: GYARA KUSKURENKA YAU.

Gmail yana ba da damar janye saƙo, amma in ba ka ƙara lokacin da kanka zuwa daƙiƙa 30 ba, biyar kacal gare ka. Uku na kashe wajen salati. Biyun kuma hannuna na rawa, na danna wani wuri daban. Undo ya ɓace ina kallo.

Bayan azahar aka ce Oga na kira. Na cire takalmi a bakin ƙofa, abin da ba a yi a ofishinmu. Yana da baƙi biyu. Ya gyara tabarau, ya karanta kan saƙon a hankali, kalma ɗaya ɗaya, ya tsaya a kan "kuskurenka", ya maimaita ta, ya ɗago ya dube ni. Sannan ya karanta cikin saƙon da murya mai laushi har "na gode". Ya ce, "Malam, mutum nawa ne suka rubuta wannan? Na saman nake son gani." Baƙon da ke shan shayi ya ƙware. Ni dai "ranka ya daɗe" nake ta jerawa, har sau nawa ban ƙirga ba.

Ya gyara lambar, ya sa hannu, ya miƙo mini ba tare da ya kalle ni ba.

Na fito na tarar Dogo ya cinye ƙosaina. Wai ya ɗauka ba zan dawo ba.