1 ga Janairu Ba Kullum Take Cikin Mako na Ɗaya Ba

"Kalandar wayata ta sa 1 ga Janairu 2021 a mako na 53. Ba kuskure ba ne kuwa?"

Ba kuskure ba ne, kuma yana damuna yadda ake yawan ɗora wa kalanda laifi a nan. Mutane na ɗauka sabuwar shekara dole ta zo da sabon mako, kuma tunanin ba aibu gare shi ba. Sai dai a tsarin ISO 8601, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta rubuta kwanan wata da ƙidayar makonni, mako yana farawa ne ranar Litinin ya ƙare Lahadi, kuma ba a raba shi tsakanin shekaru biyu. Shekarar da ta samu kwana huɗu ko fiye ita ke ɗauke makon gaba ɗaya. Shi ya sa ake duba Alhamis, tunda ita ce tsakiyar mako: inda ta faɗo, can makon ya tafi.

A makon da kake tambaya, Alhamis ta kama 31 ga Disamba 2020. Don haka Juma'a, Asabar da Lahadi, wato 1 zuwa 3 ga Janairu, suka bi ta zuwa mako na 53 na 2020. Mako na ɗaya na 2021 sai ranar Litinin, 4 ga Janairu, ya fara.