Ƙorafi ba layin gidan mai ba ne

Wani mai gidan biredi nan Damagaram ya ce min: "Ƙorafin kwastoma ai wanda ya fara zuwa ko ya fi ɗaga murya shi ake fara gyarawa, ko ba haka ba?"

A'a Alhaji, nan ne ake ɓata kuɗi wallahi. Samu littafi ka rubuta kowane ƙorafi na wata ɗaya, ka haɗa masu kama da juna ka ƙirga, sai ka jera daga mai yawa zuwa kaɗan kana tarawa. A ce ƙorafi 50 ne, 24 biredi bai iso shago da wuri ba, 15 ya kwana ya bushe, sauran 11 sun watsu kan canji da leda da sauransu. Biyun farko kaɗai 39 kenan, kashi 78 cikin ɗari, kuma in ka bi diddigi sau da yawa tushensu ɗaya, mai babur ɗin da ke makara. Wannan shi ake kira tsarin Pareto, wato kusan kashi 80 na matsala daga kashi 20 na dalilai yake fitowa, su za ka fara gyarawa, amma kar ka nace sai lissafi ya faɗo 80 da 20 cif, ba dole ba ne.

Sai dai fa in mutum ɗaya tak ya ce ya tsinci ƙusa cikin biredi, wannan ba ya jiran ƙirga, yau ɗin nan za ka duba injin kwaɓi.