"Ba Mu Da Abokin Gasa": Ku Daina Rubuta Wannan Magana

Shekaranjiya ɗan ƙanwata ya kawo mini tsarin kasuwancin da zai nemi jari da shi: ɗakin sanyi mai sola, na ajiyar tumatir a Kasuwar Daji. A shafin abokan gasa layi ɗaya ya rubuta, wai duk Sakkwato babu mai yin irinsa. Raina ya ɓaci, don shi ne na uku da ya kawo mini wannan zance bana. Kifin rijiya ke nan!

Samari, mai ba da jari in ya ga layin nan, abu biyu yake zato: ko ba ka taka kasuwa ba, ko babu mai bukatar abin. Ruwa ba ya tsami banza. In da gaske fili ne babu kowa, wa ya taɓa gwadawa, me ya kore shi?

Na tambaye shi, "Ɗana, jiya da magariba me mai tumatir ya yi da ragowarsa?" Shiru. To amsar nan ita ce abokiyar gasarka. Wani ya karya farashi ya rabu da kaya, wani ya jiƙa buhu ya rufe kwando, wani ya yanka ya shanya kauɗa. Ranar Sakkwato kuwa kyauta take busarwa, ba ta karɓar ko sisi.

Muka buga misali. A ce kwando naira 20,000, in ya kwana ya koma 16,000, asarar 4,000. Kai za ka karɓi 1,500, ɗan dako 500 kai da kawowa, ka tsirar masa da 2,000. Amma in ragin 2,000 ya isa ya sayar da yamma, me ka ƙara masa? In kaya suka cika kasuwa kwando ya faɗo 5,000, wa zai ba ka 1,500? Wannan ya kamata a gani a shafin: kowace hanya da kuɗinta, inda ta fi ka, inda ka fi ta, da watannin da za ta kayar da kai. Amma a'a, "ba mu da abokin gasa"!

Kuma a daina tambayar mutane ko suna son abu. Kunya ma ta sa su ce madalla. Tambayi me suka yi jiya, nawa ya ci musu.

Abin haushi, yaron nan sai da ya buga katin da aka rubuta masa shugaban kamfani, bai zauna da dillali ko ɗaya ba. Yatsa kullum kan waya. Iyayenmu da ke fatauci Illela, sai mutum ya ci kasuwa uku yana kallo da saurare kafin ya kwance bakin jaka. Ba su san wata takardar tsari ba, amma ko mai talla a bakin tasha sun san nawa take sayarwa.